Ƙanena mai bashi yana cikin mutum takwas ɗin nan?

"Jama'a, na samu gero buhu 40 bana, zan fitar da 4. Ƙanena bashin taki ya yi masa katutu, har da nawa a ciki, amma yana da gona da babur. An ce ba ya cikin waɗanda ayar zakka ta ambata. In ba shi, ko in cire bashina a ciki?"

Wallahi Malam, da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ne ƙanen nan naka a 2022, shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa a Auyo. Taki na bashi, kuɗin noma na bashi, ko tiya ɗaya ban ɗauka ba.

Wani mai hali a unguwarmu ya fitar da zakka, na je da daddare don kunya. Ya haska ni da tocila, ya haska babur ɗina, ya ce zakka ai ta fakirai ce da miskinai. A gaban yaransa fa! Na juya ina tura babur ɗin, don ko mai babu a ciki. Washegari na ga buhu a ƙofar masu yi masa kirari. Har yau in na bi ta ƙofar gidansa sai na ji abin ya taso mini. Allah dai ya kyauta.

Shi ya karanta farkon ayar ya tsaya. Aya ta 60 ce a Suratut Tauba, kuma bayan waɗannan biyun akwai masu aikin tattara zakkar, da waɗanda ake lallashin zukatansu, da 'yanta bayi, sannan "wal garimina", wato waɗanda bashi ya danne, kafin a zo kan fi sabilillahi da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Mai bashi gurbinsa daban, ba sai ya zama miskini ba. Sharaɗin da malamanmu na Malikiyya suka sa shi ne kada bashin ya zama na ɓarna, irin su caca ko almubazzaranci, kuma ya zamana ba shi da rarar da zai biya da ita. In yana da shanu a ɗaure na ajiya, ya fara sayarwa tukuna. Kai ka san ɗakin ƙanenka fiye da mu.

Zancen 'yan'uwantaka kuwa bai hana ba. Waɗanda ba a ba su ne waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka: matarka, ƙananan 'ya'yanka, iyayenka in ba su da shi. Kuma ba dole ka kasa takwas ba, ka ba shi duka huɗun ma ya yi.

Amma don Allah kada ka ce ka cire bashinka a ciki. Wanda ke bina ya yi mini haka, wai ya yafe a madadin zakkarsa, da muka je wurin liman ya ce ba ta fita ba, dukiyarsa kawai ya tsare. Ka auna geron ka damƙa masa a hannu, ba tare da kun ƙulla cewa zai dawo maka da shi ba. In ya sayar ya fara da mai taki, kada ka ɗaure fuska.

Kuma ka kai masa gida da kanka, bayan isha'i.