Hausa ko Turanci: wa kike so ya saya?

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da humra a Tudun Wada, Kaduna. Da wane harshe zan rika tallata kayana?

Hajiya, fara duba wadanda suka riga suka saya. Dauki masu saye 20 na karshe a WhatsApp, ki ga da wane harshe suka fara yi miki magana. Idan yawancinsu matan Tudun Wada, Rigasa da Kawo ne, Hausa zalla ta fi, kuma ki hada da sakon murya, domin da yawa sun fi son saurare a kan karatu.

Idan kuma kina neman 'yan Barnawa da Sabon Tasha ko Abuja, sai Turanci ya shigo. Amma kada ki gauraya su cikin jimla daya, mai jin harshe daya kan tsaya a rabi ya wuce. Rubuta layi biyu da Hausa, biyu da Turanci a kasa, farashi kuma ki rubuta shi da lambobi. A Instagram farkon rubutu kadai ake gani kafin a danna "more", don haka harshen masu sayenki ya zo a sama.

Sunan kaya kuwa, bar shi humra ko da cikin Turanci, da shi ake nemansa.