Wayarki ba ta da cuta, cika ta yi

"Salam 'yan'uwa. Kwana uku ke nan Chrome ɗina yana rufe kansa da na buɗe shafi. In na danna sauke takarda sai ya tsaya ya ce babu wuri, ko shafi na so ajiyewa don in karanta daga baya ba ya yi. Wayar giga 32 ce. Mai gyara ya ce sai an yi mata fulashin. In ba shi?"

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Don girman Allah kada ki ba shi. Ina karanta kalmar fulashin ɗin nan sai da gabana ya faɗi, domin da ita aka cuce ni bara.

Tawa ma giga 32 ce. Ranar da abin ya same ni, takardar shiga makarantar 'yata nake son saukewa, ga shi washegari za a rufe rajista. Na danna, ta fara sauka, ta kai rabi ta tsaya. Na sake. Na sake. Data tana ta zuba, ita kuma yarinyar tana tsaye a kaina tana cewa "Mama ya yi?" Can sai burauzar ma ta daina buɗuwa, da na taɓa ta sai ta yi fari ta mayar da ni waje. Na zari mayafi na tafi kasuwar waya da azahar. Wani yaro a wata rumfa ya karɓa, ko shiga cikinta bai yi ba, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Hajiya bairos ne, sai fulashin." Na tambaye shi kayana fa? Ya ce babu abin da zai taɓa su. Wallahi haka ya ce, yana cin gyaɗa.

Bayan awa ɗaya ya miƙo min waya fes, kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Hotunan atamfofin da nake sayarwa, lissafin masu bashi, duk ban damu da su ba. Saƙonnin muryar Innarmu ne, Allah ya jiƙanta. Wata bakwai da rasuwarta a lokacin. Akwai wanda take min faɗa a kan na bar yara suna yawo ba takalmi, ƙarshensa ta yi dariya ta ce "to Allah ya yi miki albarka". Kullum da dare sai na saurara. Da ma na kashe ajiyar WhatsApp ta Google tun tuni saboda cin data, don haka babu inda zan samo su. Na tsaya a gaban rumfar nan ina kuka, shi kuwa cewa ya yi ai ban gaya masa akwai abu mai muhimmanci ba, kuma sai da ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau in na bi ta layin nan sai na kawar da kai. Na ce na yafe, amma zuciyar ba ta bi bakin ba.

Abin haushin, wata huɗu ba a yi ba matsalar ta dawo. A nan ne ƙanena da ke karatun kwamfuta ya zaunar da ni ya buɗe Settings, ya shiga Storage. Cikin giga 32, tsarin wayar kansa ya ci wajen 11, WhatsApp ya ci 13, abin da ya rage fili bai kai mega 200 ba. Ya ce burauza duk shafin da ta buɗe sai ta rubuta hotunansa da tarkacensa a cikin waya, kuma in tana sauke abu tana buƙatar wurin da zai ɗauke shi gaba ɗaya. Shafin da kike son ajiyewa ma fayil ne, da hotunansa duka. In ta nemi wurin rubutu ta rasa, sai ta tsaya ko ta faɗi. Babu wani bairos. Fulashin ya yi aiki ne kawai don ya share komai, abin da ni da kaina zan iya yi ina zaɓar abin da zan bari.

Ki fara da WhatsApp, can ɓarnar take. Ki shiga Settings nasa, Storage and data, sai Manage storage. Za ki ga Larger than 5 MB da Forwarded many times, a ƙasa kuma kowane zaure da nauyinsa. Ni zauren 'yan ajinmu kaɗai ya tara giga 3, bidiyon biki ɗaya sau huɗu aka turo shi. Kuma mu ji tsoron Allah da wannan ture-turen, mutum ya tashi da asuba ya zubo bidiyo goma na barka da Juma'a, ba ya tunanin wayar wani. Ki koma shafin Storage and data, ƙarƙashin Media auto-download, ki cire alamar bidiyo a duka zaɓi ukun da ke wurin, in ba haka ba bayan wata biyu kin dawo gidan jiya.

Ga inda mutane ke ruɗewa: ki goge hoto ɗari biyar ki duba ki ga wuri bai ƙaru ba. Ba su tafi ba ne, suna cikin Trash ko Recently deleted, inda suke zama kwana 30 ko fiye. Sai kin shiga can kin zubar da su. Haka na yi rabin yini ina gogewa a banza.

Ita burauzar, ki je Settings na waya, Apps, Chrome, Storage, ki danna Clear cache. Wannan ba ya taɓa miki komai, tarkace ne da za ta sake tarawa. Amma ki kiyayi maƙwabcinsa, wanda ake rubuta Clear storage ko Clear data, shi yana kwashe shafukan da kika bari a buɗe da wuraren da kika shiga da kalmar sirri. A kan WhatsApp kuwa kada hannunki ya kusance shi sam. Ki leƙa jakar Download ma, in kin ga fayil da sunansa ya ƙare da .crdownload, ragowar saukewar da ta katse ce, ki share. Ni guda tara na tarar na takardar nan ɗaya.

Kafin ki goge komai, duk muryar da ba za ki so rasawa ba ki tura ta imel ɗinki ko wayar wani naki. Yau, ba gobe ba.

In wayar tana ɗaukar memori, a cikin Chrome akwai Settings, Downloads, Download location, sai ki zaɓi katin. Sai dai ki saya a wurin da kika yarda da shi. An taɓa sayar wa maƙwabciyata mai rubutun giga 64 a farashin banza, ashe cikinsa bai kai haka ba, da ya cika sai hotunan suka riƙa zama baƙi ba sa buɗuwa.

Ni yanzu ba na bari filin ya yi ƙasa da giga 2. In kin samar da kamar haka, kin kashe wayar kin kunna, amma Chrome bai daina rufewa ba, to ki duba ɗan akwatin da ke sama mai lamba a ciki. Nawa shafi 74 na tarar a buɗe. Wannan kuma RAM yake ci, ba wurin ajiya ba, maganinsa ki rufe su. Ki duba Storage ɗin ki gaya mana mega nawa ya rage miki da nawa WhatsApp ya ci, sai mu san ta inda za ki fara.