Sulhu ya yiwu, saura takarda: amsar maigidan walda ga yaronsa

"Maigida, ka san aikin get da tagogi shida da na karɓa da kaina a kan naira 850,000. Alhajin ya ba ni 500,000 kafin alƙalami, ya riƙe cikon 350,000, wai ƙarfen get ɗin bai kai kaurin da muka yi magana ba, kuma yana gogar ƙasa. Jiya mai unguwa ya zaunar da mu: in yafe 100,000, in gyara get, shi kuma ya ba ni 250,000 ƙarshen wata. Mun yi musafaha an yi fatiha. In na ce a rubuta, ba zai ga kamar na raina shi da mai unguwa ba? In kuma za a rubuta, me za a sa?"

Ɗana, ka koma yau ɗin nan a rubuta, kada ka bari ya kwana biyu. Yanzu kowa yana tune da abin da ya faɗa, mai unguwa ma yana tune. Nan da sati uku Alhaji zai tuna cewa an ce "wajen ƙarshen wata in an samu hali", kai za ka tuna an ce ranar talatin, kuma ba lallai a ce akwai maƙaryaci a cikinku ba. Haka zuciya take, tana riƙe ɓangaren da ya yi mata daɗi.

Maganar raini kuwa, ka sauke ta daga ranka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: idan an ƙulla bashi zuwa wani lokaci ambatacce a rubuta shi, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Da zarar an ce zai biya ka nan gaba, kuɗin nan ya zama bashi mai ajali. Kada ka tunkari Alhaji kai tsaye. Ka je wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so a sa hukuncin da ka yanke a takarda, don kada wani cikinmu ya sake dawo maka da maganar." Shi zai kira Alhaji. Kuma ka lura, takardar nan Alhaji ma take karewa, domin ita ce shaidarsa cewa dubu ɗarin nan ba za ka sake tambayarsa ba har abada. In ka faɗa masa haka, da wuya ya ƙi.

Abin da ya fi damuna a sulhun naku shi ne "ƙarshen wata". Wannan ba rana ba ce. Ga ma'aikaci ƙarshen wata shi ne ranar da albashi ya shiga, ga ɗan kasuwa ranar da kaya suka fita. Haka ma "bayan salla", "in kaka ta yi", "in an biya ni kuɗin kwangila". Duk wanda ya rataya biyanka a kan wani abu da ba ya hannunka, ba ranar da za ka iya cewa ya saɓa. A rubuta sunan ranar, da kwanan wata, da shekara. In ya ce ba zai iya biya a dunƙule ba, ka yarda a raba biyu, amma kowane kashi da tasa ranar. Gara ranar da ta yi ɗan nisa wadda shi ya zaɓa da bakinsa a gaban shaidu, da ta kusa wadda aka matsa masa ya amsa don kunya.

Ga yadda zan rubuta da ni ne. Takardar littafi ma ta isa, in dai da biro ne kuma ba kankare:

"Yau Alhamis 4 ga Yuni 2026, a gaban mai unguwa, ni wane mai walda da Alhaji wane mun sasanta a kan aikin get ɗaya da tagogi shida na gidansa da ke unguwa kaza. Jimillar kuɗin aiki naira 850,000. An biya 500,000. Ragowar 350,000 ce aka yi saɓani a kanta.

"Mai walda zai ɗaga get ɗin ya daina gogar ƙasa, ya kammala ranar Laraba 10 ga Yuni 2026 ko kafin nan, mai unguwa ko wakilinsa ya gani.

"Alhaji zai biya naira 250,000 (dubu ɗari biyu da hamsin): 150,000 ranar Litinin 15 ga Yuni 2026, da 100,000 ranar Talata 30 ga Yuni 2026, ta asusun banki kaza, lamba kaza, mai suna kaza.

"Idan kuɗin nan 250,000 sun shiga cif, mai walda ya yafe ragowar 100,000, Alhaji kuma ya karɓi aikin yadda yake, har da kaurin ƙarfen get. Daga nan magana ta ƙare gaba ɗaya: babu wanda ke bin wani komai a kan wannan aiki, kuma babu wanda zai sake tayar da ita a ko'ina.

"Idan 30 ga Yuni 2026 ta wuce ba a cika biya ba, yafewar ta faɗi, mai walda yana da damar neman 350,000 ɗinsa, a cire abin da aka riga aka ba shi a ciki."

Sai sa hannun ku biyu, da na shaidu biyu, kowa da cikakken sunansa da lambar wayarsa.

Yanzu ka duba sakin layi na huɗu da kyau, domin nan ne masu sana'a suke cutuwa. Ya fara da "idan kuɗin sun shiga". Da za ka rubuta "na yafe 100,000, magana ta ƙare" kawai ka sa hannu yau, ka ba da naka tun kafin ka karɓi nasa. Ya riƙe takardar da ke cewa ba ka bin sa dubu ɗari, kai kuma kana riƙe da alkawari. In ya yi wata biyar bai biya ba, babu abin da ya rasa, ragin yana nan. Amma idan rufe maganar ya rataya a kan shigar kuɗin, jinkiri zai ci masa dubu ɗari, kuma ya sani. Sulhun da aka yi jiya kamar ɗigon walda ne da muke yi don ƙarfe ya tsaya a saiti. Sai kuɗi sun shiga za a bi shi a cike.

Akwai asali ga wannan. A Bukhari an ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya amsa, sai ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya. Ragi da biya tare suka zo.

Abu na biyu a wannan sakin layin shi ne rufewar ta hau kan ku biyu. Ba kuɗi kaɗai aka yi rigima a kai ba, har da ƙarfe. In takarda ta yi shiru a kan kaurin ƙarfen, zai iya biyan ka yau, bayan damina ya dawo ya ce a canja masa get, alhali saboda wannan ƙorafin ne ka bar masa dubu ɗari. Shi ya sa na ambaci kaurin da sunansa. Na kuma ce "a kan wannan aiki". Kada ka yarda a rubuta "babu komai tsakaninmu", domin in akwai wani ɗan aiki daban da bai biya ka ba, ko janaretonka yana gidansa, wannan jimlar za ta haɗiye su. In kuma kana so ka ɗauki nauyin wani abu nan gaba, misali sakata in ta karye cikin wata uku, ka rubuta shi a fili a matsayin abin da aka keɓe. Ni ina son yin haka, yana nuna kana tsaye bayan aikinka.

Wasu za su ba ka shawara ka ƙara cewa in ya makara zai riƙa biyan dubu biyar duk sati. Kada ka sa. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce. Dawowar dubu ɗarin daban take, domin kuɗin aikinka ne tun asali, ba ka ɗora komai a kai ba.

In ɗayanku ba ya karatun boko, ko aka rubuta da Turanci alhali ba ya ji, wanda ya rubuta ya ƙara a ƙasa cewa ya karanta masa, ya fassara masa da Hausa, ya ce ya gane kafin ya dangwala yatsa, sannan marubucin ya sa sunansa da adireshinsa. A dokokin jihohinmu akwai wadda ke kare wanda bai iya karatu ba, kuma rashin wannan bayanin yana buɗe ƙofar "ban san abin da na sa wa hannu ba". Ni dai na fi son a rubuta da Hausa, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Shaidu kuma kada su zama yaran shagonka duka, ɗaya ya fito daga ɓangarensa. A yi kwafi uku, naka, nasa, da na mai unguwa, ka kuma ɗauki hotonta a waya tun ba ta ci mai da tsatsa a aljihu ba.

Ranar biya, kada ka dogara da hoton rasit da aka turo maka, ko saƙon alat kaɗai, don ana yin na bogi. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. In tsaba ya kawo, a ƙirga a gaban shaida. Kowane kashi ya shigo, ka rubuta a bayan takardar: ranar kaza na karɓi kaza, saura kaza, ku sa hannu. Idan na ƙarshe ya shigo, ka rubuta, "Yau na karɓi cikon 250,000, ba na bin Alhaji wane komai a kan wannan aiki, magana ta ƙare," ka ba shi ba tare da ya roƙa ba. Wannan haƙƙinsa ne a kanka. Daga ranar kuma ka kame bakinka, kada a ji ka a majalisa kana cewa ya ci maka dubu ɗari. Ka yafe, ka sa hannu.

In ranar ta wuce shiru, washegari ka tura masa saƙo a rubuce cikin ladabi, ka tuna masa ranar da adadin, ka sanar da mai unguwa. In ya nemi ƙarin kwanaki kuma ka ga da gaske yake, ka ba shi, amma sabuwar ranar ma a rubuta ta a bayan takardar da sa hannu, don kada a ce ka bar sharaɗin. In abin ya ƙi, kada ka nufi ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Kada kuma ka je ka ɓalle get ɗin, laifin zai dawo kanka. Ka ɗauki takardarka ka kai kotun shari'a ko kotun ƙananan basussuka, alƙali zai ga adadi, ya ga rana, ya ga hannun Alhaji.

Naka ɓangaren dai shi ne farko a jerin ranakun. Gobe da safe ka ɗauki injin da yaro ɗaya ku je ku ɗaga get ɗin nan, ka kira wakilin mai unguwa ya buɗe ya rufe da hannunsa, a rubuta cewa ya gani.