Lissafin Kuɗin Aiki Idan Hannun Tela Ya Saba

Tambaya: Malam, ni tela ne a Aboabo, Kumasi. Na samu kwangilar ɗinka kayan makaranta rukuni 8, kowane rukuni kaya 50. Rukunin farko ya ci wa yarana awa 100, na biyu awa 60. Ina biyansu sidi 15 a awa. Nawa zan ware na aiki gaba ɗaya?

Amsa: Alhaji, kada ka ninka 100 sau 8, domin awa 800 zai ba ka, wato sidi 12,000, kuma wani tela zai karya maka farashi. Hannu yana sabawa da aiki, kuma wannan sabawar tana da lissafi. Tun 1936 wani injiniya mai suna T. P. Wright ya lura da shi a masana'antar jiragen sama: duk lokacin da jimillar abin da aka ƙera ta ninka, matsakaicin lokacin kowane ɗaya yakan sauka zuwa wani kaso tsayayye.

Ka riƙe kalmar matsakaici, don a nan ake yawan tuntuɓe. Ba 60 za ka gwada da 100 ba. Haɗa su za ka yi, awa 160, ka raba biyu, ka samu 80. Ke nan kason shagonka 80 cikin 100 ne. Idan rukuni ya kai 4, matsakaicin zai zama kashi 80 na 80, wato awa 64, jimilla 256. A rukuni 8 ya sauka zuwa 51.2, jimilla kusan awa 410. A sidi 15, kuɗin aikin kwangilar duka ya kama 6,150, kuma awa 250 kawai suka rage a gabanka.

Sai dai ni ba zan sa hannu a kan wannan adadin yadda yake ba. Rukuni biyu sun yi kaɗan a gina farashi a kansu, musamman da yake na farko ya haɗa da yankan samfur da warware ɗinkin da ya karkace. Ka buɗe littafi, a riƙa rubuta awoyin kowane rukuni, ban da lokacin da aka zauna jiran wuta ko yadi. Bayan na huɗu ka duba. In jimillar ta kai 280 maimakon 256, kasonka ya kusa 84, kuma rukuni 8 za su ci kusan awa 470, wato sidi 7,050. Da ni ne, wannan zan ware tun yanzu.

Saurin ma yana da iyaka, domin keke ba ya wuce gudunsa. Yaro biyu suka tafi aka kawo sababbi, ko makaranta ta sauya fasalin wuyan riga, lissafin ya koma baya. In kuwa wata rana ka koma biyan kowace riga da kuɗinta, kuɗin aiki ba zai ragu ba ko sun ƙara sauri. Lissafin zai yi maka amfani ne wajen sanya ranar kai kaya.