Yadda za a canza tufafi a tsohon hoton iyali ba tare da an taɓa fuska ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hoton kakanmu da aka ɗauka a 1974, yana zaune, kakarmu na gefensa, babana yana yaro a tsaye a gabansa. Kakin aiki ne a jikin kakan, mu kuwa so muke mu gan shi da babbar riga kafin mu buga hoton mu rataye. Na gwada wata manhajar waya, rigar ta fito amma fuskar ta zama ta wani, hoton ma ya koma kamar na jiya. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Irin waɗannan manhajoji sake zana hoton suke yi gaba ɗaya, shi ya sa kamannin tsohon suka tafi. Aikin na kwamfuta ne, da Photoshop, ko Photopea da ake buɗewa kyauta a burauza, wanda maɓallansa kusan iri ɗaya ne da na Photoshop. Dabarar ita ce rigar za ka tsufar har ta kamo hoton, shi kuwa hoton a bar shi da shekarunsa.

Fara da duba kwafin da ke hannunka. In da waya aka ɗauka, ko ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto, an riga an matse shi, 'yan ƙwayoyin da ke nuna tsufansa sun narke. Kai asalin takardar wurin masu sikana, ko nan Agege ko Ikeja, ka ce a yi maka a 600 dpi, a ajiye a TIFF, kuma a zaɓi mai launi ko da hoton fari da baƙi ne, domin jan-jan ɗin da takarda ta yi da shekaru launi ne. Ka tsaya a kansu su kashe duk wani gyaran kai-tsaye da na'urar ke yi. Hoto mai girman inci 3.5 da 5.5 zai ba ka fiksel 2100 da 3300, ya wadatar. A sa maka a filas, ko a turo a matsayin Document.

Sai rigar. Kada ka ɗauko ta daga intanet, da wuya zamanta da haskenta su zo daidai. Samu wani a gida mai jiki irin na kakan, ya sa babbar riga, ya zauna yadda tsohon ya zauna, ka ɗauke shi. Kafin nan ka ƙura wa tsohon hoton ido: ta wane gefe inuwar hanci ta faɗi? In ta faɗi dama, haske daga hagu ya zo, don haka ka zaunar da mutuminka taga na daga wannan gefen, ba tare da fitilar kyamara ba. Ja baya kamar mita uku, kyamara daidai ƙirjinsa. Kuma don Allah a guji sabuwar shadda mai walƙiya da aikin kwamfuta a wuya. Ko wace irin dabara aka yi, duk wanda ya san kayan da zai ce wannan ba ɗinkin zamanin ba ne. Farin yadi mara sheƙi ko tsohuwar riga mai aikin hannu sun fi.

Da ka buɗe hoton, abu na farko shi ne kare mutanen. Zagaye kan kakan da wuyansa da hannayensa, da babanka dukansa tunda yana gabansa, da gefen kakarku da ya taɓa shi, ka danna Ctrl+J. Wannan zai kwafe su zuwa leya ta daban, wato shimfiɗar hoto mai zaman kanta da ake ɗorawa kan wata. Ka ɗora ta can sama, ka kulle. Rigar za ta shiga tsakani, asalin hoto a ƙasa, mutane a sama, ta yadda komai ka yi mata ba zai hau fuskar kowa ba. Hula kuwa, in akwai a bar ta, in babu kada a ƙara, domin tana cin goshi, kuma daga goshi kamanni ke fara sauyawa.

Yanko rigar ka shigo da ita, ka daidaita girmanta da Ctrl+T, ko Ctrl+Alt+T in a Photopea ne, ka fara haɗa kafaɗu da wuya, sauran ka lanƙwasa da Warp. A nan ka yi sa'a, babbar riga ta fi kaki faɗi, za ta rufe shi ruf. Da akasin haka kake so, da sai an ƙirƙiro bangon da rigar ta ɓoye. Gefunan da suka yi yawa ka ɓoye su da Layer Mask, wato mayafin da ke ɓoye duk inda aka shafa wa baƙi a leya, da buroshi mai laushi, kada ka goge, don ka iya dawo da su.

Yanzu ga inda yawancin masu gyara suke faɗuwa. A tsohon hoto babu baƙi ƙirin, babu fari fat. Ɗauki Eyedropper ka taɓa wuri mafi duhu, misali ƙarƙashin kujera, sannan wuri mafi haske a kayan kakarku. A ce na farkon ya ba ka R 62, G 48, B 40, na biyun kuma R 226, G 210, B 182. To, rigarka ba ta da izinin fita daga tsakanin waɗannan biyun. Ɗora Gradient Map a kanta, ka sa launi mai duhun a hagu, mai hasken a dama, ka danna Ctrl+Alt+G don ya tsaya kan rigar kaɗai. Nan take za ka ga ta shige cikin hoton.

Amma har yanzu za ta fi komai kaifi. Ƙara girman hoton zuwa 100%, ka dubi bakin mayafin kakarku, ka yi wa rigar Gaussian Blur har gefenta ya yi laushi irin nasa. A irin wannan girma ka fara daga fiksel 1.5 kana ƙarawa. Bayan nan, ba kafin nan ba, sai ƙwayoyi. Add Noise da Monochromatic wajen kashi 3 cikin ɗari yana yi, sai dai ni na fi son a ɗebo na ainihi. Kwafi wani fili na bangon da babu zane, ka yi masa High Pass kamar fiksel 4, ka shimfiɗa shi kan rigar, ka mayar da shi Overlay. In takardar mai 'yan ƙuraje ce kamar saƙar zuma, wannan hanyar ce kaɗai za ta fisshe ka.

Saura inuwa da lahani. Buɗe sabuwar leya a Multiply kan rigar, ka ɗan shafa launi mai duhun nan ƙarƙashin haɓa da bayan kan babanka, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba kai zai zama kamar an manna shi da gam. In kuwa akwai karyewar takarda da ta ratsa ƙirjin kakan, dole ta ratsa sabuwar rigar ma. Bi layin da siririn baƙin buroshi a kan Layer Mask, asalin karyewar zai leƙo daga ƙasa. Layin da ya taso daga bango ya ɓace a kafaɗa ya sake ɓullowa a gwiwa shi ne farkon abin da ke tona asiri.

Don ka tabbatar fuskokin ba su motsa ba, kwafi asalin hoton ka kai shi sama da komai, ka mayar da shi Difference. Duk inda ba a taɓa ba zai yi baƙi ƙirin, rigar da inuwarta kaɗai za su nuna. Ko wani ka ba aikin, ka ce ya yi wannan gwajin a gabanka kafin ka biya. Ajiye aikin a PSD, fayil ɗin TIFF na asali kuma a wuri biyu, sannan a bayan wanda za ku rataye ka rubuta cewa an canza rigar, da shekarar da aka yi, saboda jikokin da za su gaje shi ba su san kakin ba.