Jawabin ranar karatu: me zan gaya wa yara, kuma wane littafi zan miƙa musu?

Tambaya: Malam, ni malamar Hausa ce a ƙaramar sakandare. An ɗora mini jawabi a bikin ranar karatu na makarantarmu, minti goma, gaban ɗalibai da iyaye. Ina tsoron in yi ta magana suna hamma. Yaya zan tsara shi, kuma waɗanne littattafai zan ce su fara da su?

Amsa: Malama, ki cire nasiha daga cikin jawabin nan, ko ki rage ta zuwa jimla biyu. Kafin a ba ki lasifika, mai buɗe taro da addu'a ya riga ya tuna musu cewa wahayin farko da umarnin karatu ya sauka, shugaban makaranta ya ce ilimi gishirin zaman duniya, babban baƙo ya ce su ne manyan gobe. Duk gaskiya ne, kuma yaran sun haddace. Abin da ba a yi musu ba shi ne a buɗe littafi a gabansu a karanta har su manta da zafin rana. Wannan ne aikinki.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin. An gayyace ni irin wannan biki a wata makaranta, na rubuta shafi huɗu kan fa'idar karatu, na jero sunayen littattafai sun fi ashirin. Ina cikin shafi na biyu na hango 'yan layin baya suna wasa da murfin kwalba, wani malami yana zagaya su da tsumagiya. Aka tafa mini don ladabi. Da na tambayi mai kula da ɗakin karatu bayan mako biyu, ya ce ko yaro ɗaya bai zo neman ko ɗaya daga cikin ashirin ɗin ba, kuma ma goma sha biyar daga ciki babu su a makarantar. Tun ranar na daina ambaton littafin da yaro ba zai iya taɓawa da hannunsa a makon ba.

Saboda haka kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki shiga ɗakin karatu ko ofishin shugaba ki ƙirga abin da ke akwai. Idan kwafi shida na Magana Jari Ce ne kawai da kwafi uku na Ruwan Bagaja, to jawabinki a kan waɗannan tara zai tsaya.

Minti goman nan ki ɗauke su minti takwas, domin lasifika zai yi ƙara, wani zai shigo a makare a tashi gaishe shi. Ki ba buɗewa minti ɗaya da rabi, karatu a bayyane minti uku zuwa huɗu, sauran na nuna littattafai da faɗin inda za a same su. Ki gwada a gida da agogo, da murya sama yadda za ki yi a fili, don karatun zuci yana ruɗin mutum, ya fi na baki sauri nesa ba kusa ba.

A buɗewa ina son labarin Abubakar Imam, saboda shekarunsa. An haife shi a Kagara a 1911. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, lokacin Imam yana malami a Midil ta Katsina, ɗan shekara 22. Ruwan Bagaja ya rubuta. A gasar nan ne yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, ya rubuta Shaihu Umar. Kada ki zuba musu wannan duka kamar darasin tarihi. Ga yadda zan faɗe shi in ni ne:

"'Yan aji uku, wa yake da yaya ko ya ɗan shekara ashirin da biyu a gida? Ku ɗaga hannu. To, mai wannan littafin da ke hannuna shekarunsa ke nan lokacin da ya rubuta shi. Malamin makaranta ne kamar ni, da alli a hannu. Yau sama da shekara casa'in ke nan, kakanninku sun karanta shi sun yi dariya, kuma ina ƙalubalantarku ku karanta shafi biyar ba ku yi ba."

Hannun da suka ɗaga ɗin nan shi ne ribar. Yaron da ya ɗaga hannu ya shigo cikin maganar, ba zai koma ga murfin kwalba nan da nan ba.

Sai karatun. A nan nake so ki fi ɓata lokacin shiri. Magana Jari Ce ya fi dacewa da fili, domin labaransa gajeru ne, kowanne yana tsaye da ƙafarsa, kuma shi kansa littafin a kan dabarar da za ki yi aka gina shi: aku ne yake ba Musa ɗan Sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri. Wato akun yana riƙe yaro da daɗin labari, ke ma haka za ki yi. Ki zaɓi labari mai ban dariya da mutane kaɗan a ciki, kamar na Kalala da Kalalatu, inda matar gida take ɗanɗana kajin da aka soya wa baƙo har ta wayi gari babu komai a tukunya. Ki sauya murya tsakanin miji da mata. Ki ɗago ki dube su a ƙarshen kowace jimla mai tsawo. Da kin kai inda kaji suka ƙare ga baƙo a ƙofa, ki rufe littafin. Za su yi ihu, wasu iyayen ma za su ce haba Malama. Ki ce wanda yake son jin yadda ta kuɓuta ya same ki a ɗakin karatu ranar Litinin lokacin tara, littafin yana can. Idan kika ji tausayinsu kika ƙarasa, kin ba su nishaɗi amma kin kashe dalilin zuwa neman littafin.

Ki karanta labarin sau uku a gida da fensir a hannu. Hausar Imam ta shekarun 1930 ce, akwai kuɗin da yaran yau ba su sani ba, sule da sisi da taro da ahu, akwai sarautu da kayan doki. Ki ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan, ki yanke shawara tun a gida wanda za ki fassara da kalma ɗaya a wuce da wanda za ki bari. Tsayawa yin sharhi a tsakiyar labari yana kashe shi.

Game da littattafan farawa, kuskuren da muka fi yi shi ne ɗauka cewa duk wanda yake aji ɗaya na sakandare ya iya karatu. Kin fi ni sanin ajinki. Akwai yaron da yake bin layi da yatsa yana haɗa gaɓa da gaɓa, ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. In kika ba shi Ganɗoki, da yaƙe-yaƙensa da kirarinsa da tsofaffin kalmomi, kin kore shi ke nan, zai ce shi karatu ba nasa ba ne. Irin wannan yaro Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu ne nasa, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, domin ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi daga bakin kaka, sanin labarin zai riƙa jan idonsa gaba. Amma kada ki ce a lasifika waɗannan na marasa ƙoƙari ne. Ki ce na wanda yake son ya karanta wa ƙannensa da dare ne. Zai ɗauka ba tare da kunya ba.

Ki koya musu gwajin yatsu a cikin jawabin, rabin minti ya isa. Yaro ya buɗe tsakiyar littafi ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, ya ajiye ya ɗauki wani, zai dawo masa baɗi. In yatsa biyu ko uku ne, nasa ne. Ki ƙara musu da izinin da ba a saba ba su ba: wanda ya karanta shafi goma bai ji daɗi ba, ya mayar ya canza, ba laifi ba ne.

Wanda karatunsa ya miƙe, bayan Magana Jari Ce sai Ruwan Bagaja, don sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ƙulla wa juna, sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ga masu son jarumta. Shaihu Umar ki ajiye wa 'yan aji uku. Gajere ne, amma labarin yaron da aka sace aka kai bauta ƙetaren hamada, uwarsa tana bin sawunsa, yana da nauyi a zuci, kuma na lura 'yan mata sun fi riƙe shi. Tunda na ambace su, ki sa sunan mace ko ɗaya ce a bakinki ranar: Hafsat Abdulwaheed, wadda aka buga So Aljannar Duniya nata a 1980. Labarin soyayya ne, don haka ki karanta shi da kanki ki auna iyayen da za su zauna a gabanki kafin ki ɗaga shi sama, amma faɗin cewa mace ta rubuta littafi an buga yana yi wa yarinyar aji biyu wani abu.

Wani zai ce ina na Turanci, tunda da shi ake jarrabawa. Ki ba su ɗaya ko biyu. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a Arewa labarinsa ya faru, sunaye da garuruwa ba baƙi ba ne a kunnensu, Chike and the River na Chinua Achebe kuma don yara aka rubuta shi. Ra'ayina dai shi ne yaron da ya saba cinye littafi sukutum da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin jure wa na Turanci, saboda ya riga ya san cewa akwai lada a ƙarshen shafi.

Duka-duka kada littattafan da za ki ɗaga su wuce biyar, kowanne da jimla ɗaya kan abin da ke ciki, ki ɗaga shi su ga bangonsa. Iyaye kuma magana ɗaya ta ishe su: yaro ya karanta musu shafi ɗaya a bayyane bayan sallar isha'i, ko su ba su iya boko ba, kunnensu zai gane inda ya yi tuntuɓe.

Ranar Litinin ki riga su zuwa da littafin rajista mai layi huɗu: suna, aji, littafi, ranar mayarwa. Aro na mako ɗaya. In kwafin ba su kai ba, ki haɗa yara uku a kan ɗaya, ki rubuta sunan wanda zai kwana da shi. Ki naɗe bangon da takardar buhun siminti kafin su fita, in ba haka ba zangon karatu ɗaya zai cinye su. Bayan mako biyu ki ƙirga layukan da suka cika a rajistar, ki duba ko akwai sunayen 'yan layin baya.