Allon shago da ba ya karantuwa daga titi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan gini a bakin titin baifas, tsakanin Tudun Wada da Kurmin Mashi. Na sa an yi mini allo mai ƙafa 8 da ƙafa 4, jan rubutu a kan shuɗi, da sunan shagon da jerin kayan da nake sayarwa. A kusa yana da kyau ƙwarai, amma masu mota suna cewa ba sa gane komai sai sun wuce. Mene ne matsalar, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki wayarka ka tsallaka titi, ka ɗauki hoton allon, sannan ka mayar da hoton baƙi da fari. Ina da yaƙinin za ka ga rubutun ya kusa narkewa cikin allon, duk sun zama toka-toka. Abin da idon direba yake gani daga nesa ke nan.

Ido daga nesa ba launi yake fara rarrabewa ba, haske da duhu yake rarrabewa. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 85 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, rawaya kusan 70, amma ja da shuɗi da kore masu duhu duk suna ƙasa da 20. Wato ja da shuɗi, ko da yake launuka ne mabambanta, nauyin duhunsu kusan ɗaya ne. Masu wannan sana'a suna so bambancin ya kai kashi 70: ka cire ƙaramar lamba daga babba, ka raba da babbar. Fari a kan shuɗi yana ba da sama da 80. Ja a kan shuɗi bai kai 20 ba. Ka ƙara da cewa jan fenti yana daga cikin waɗanda rana ta fi saurin kashe wa kaifi, ga ƙurar hunturu da take kwanciya a kan komai daga Disamba zuwa Fabrairu, ta mayar da shuɗin ruwan ƙasa. Shawarata ka bar shuɗin idan kana son sa, amma a ƙara masa duhu, rubutun ya koma fari. In kuma za a sake fenti gaba ɗaya, baƙi a kan rawaya ba ya ba da kunya, ko cikin hazo.

Sai girman harafi. Lissafin da nake aiki da shi shi ne a raba nisan mai karatu da 200. Wanda yake tsaye mita 20 daga allo yana bukatar harafi mai tsayin santimita 10. Amma abokin cinikinka ba a tsaye yake ba. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direba yana bukatar kamar daƙiƙa 4 ya hango, ya karanta, ya yanke shawarar sa sigina, wato dole rubutun ya karantu tun yana mita 67 daga gare ka. Raba da 200, ka samu santimita 33, kusan inci 13. Ina kyautata zaton haruffan jerin kayanka ba su wuce inci 3 ko 4 ba, kuma irin waɗannan sai wanda ya riga ya tsaya a ƙofar shago yake karanta su.

A nan ne nake yawan samun gardama da masu shago, domin harafi mai inci 13 yana cin wuri. Allonka santimita 244 ne a kwance, 122 a tsaye. Kowane harafi zai ɗauki faɗin kusan santimita 20, da tazarar 6 tsakaninsa da na gaba. In ka bar gefe-gefe, haruffa 8 kawai layi ɗaya zai ɗauka. Saboda haka siminti da rodi da kwano da ƙusa da fenti duk su sauka daga wannan allo, a yi musu ƙaramin allo a bakin ƙofa. Abin da zai tsayar da direba kalma biyu ce: KAYAN a sama, GINI a ƙasa. Ga yadda zan raba tsayin: santimita 12 fili a sama, 33 layin farko, 14 tazara, 33 layi na biyu, 10 tazara, 10 na lambar waya ko sunan shago, 10 fili a ƙasa. Na san cire suna daga sama yana da ciwo, amma baƙon da yake neman siminti bai san sunanka ba tukuna.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi damuna, shi ne kaurin zanen harafin kansa. In ka taɓa zuwa gwajin ido, ko a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ko a wani asibiti, ka ga allon nan mai haruffa da suke ƙanƙancewa zuwa ƙasa. An zana kowane harafi a kansa ta yadda kaurin layinsa ya zama kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa, kuma filin da ke tsakanin layukan shi ma haka. Harafin E, alal misali, layi uku ne da fili biyu, duk kai ɗaya. Ido yana karanta filin kamar yadda yake karanta layin. Ga allon titi, kauri tsakanin ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin bakwai na tsayi ya yi daidai. A harafinka mai santimita 33, wato kamar 5 zuwa 6.

In layin ya yi siriri, yana ɓacewa daga nesa. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su yarda da shi ba shi ne kauri ma yana kashe rubutu. Na taɓa yi wa wani mai sayar da taya allo, ya dage sai na cika haruffan sun yi ƙiba don a gan su da kyau. Na bi son ransa. Da muka koma taku 60 muka waiwaya, cikin A ya toshe ya zama kamar dala, B ta koma 8, kalmar duka ta zama dunƙule ɗaya. Sai da na bi cikin kowane harafi da fentin bango na buɗe shi. Farin rubutu a kan duhu ya fi saurin yin haka, domin haskensa yana bazuwa a ido ya cinye filin da ke kewaye da shi, musamman da dare in fitilar mota ta haska shi. Don haka tunda fari a kan shuɗi za ka yi, a tsaya a santimita 5, kada a wuce.

Haka kuma a guji haruffa masu lanƙwasa da ado da inuwa a gefe, a yi miƙaƙƙu masu kauri ɗaya daga sama har ƙasa. In sunan shagon yana da Ƙ ko Ɗ ko Ɓ, a yi ƙugiyar da kaurin sauran harafin, a kuma bar mata fili, in ba haka ba daga nesa ƙofa ta zama kofa.

Kafin mai fenti ya buɗe gwangwani, ka sa ya yanka harafin G da na A a farin kwali daidai da wannan awo, a manna su a allon. Ka bi gefen titi ta inda motoci suke tahowa, ka ƙirga taku 90, ka juyo. Ka tafi da wani dattijo wanda idonsa ya fara rauni, shi za ka tambaya, ba yaron shago ba. Ku gwada da hantsi, ku sake gwadawa da la'asar sakaliya lokacin da rana take dukan ido. A nan ma za ka gane ko allon yana fuskantar masu tahowa. In a manne yake da bango yana kallon tsallaken titi, direba gefensa kawai yake gani, haruffan duk sun matse. Sai a kafa shi a kan ƙarfe a karkato fuskarsa wajen da motoci suke fitowa.